Shuɗiyar inhela tana ƙarewa cikin sati shida, ta ruwan ƙasa kuma tana ajiye a durowa

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 7 yana da asma. A asibiti an rubuta masa inhela biyu, shuɗiya mai suna salbutamol da wata ruwan ƙasa mai suna beklometason. Shuɗiyar tana aiki, amma tun shigowar hunturu ba ta wuce sati shida ta ƙare, kuma dare biyu ko uku a sati sai tari ya tashe shi. Ruwan ƙasar na gwada ta ranar da abin ya taso masa, ko gezau, sai na ajiye ta. Shin akwai wata shuɗiyar da ta fi wannan ƙarfi da zan saya?

Ɗanladi Kemis: Wa alaikumus salam Hajiya. Salbutamol ɗin inhela ƙarfinsa ɗaya ne, maikurogiram 100 a kowace fesa, sunan kamfani ne kawai yake bambanta. In ba ta riƙe shi, ki haɗa masa da na ruwa ko ƙwayar salbutamol, su suna daɗewa a jiki.

Dakta Habu: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Malam Ɗanladi ya yi daidai a rabin farko, babu wata shuɗiya mai ƙarfi da za ki nemo. Rabi na biyu kuma ban goyi baya ba. Na ruwa da ƙwaya sai sun bi ciki sun shiga jini sun zaga jiki duka kafin su isa huhu, saboda haka sun fi jinkirin aiki, sun kuma fi sa rawar hannu da bugun zuciya. Wanda aka shaƙa kai tsaye yake sauka inda ciwon yake, da magani kaɗan.

Bari mu yi lissafi da abin da kika faɗa. Gwangwanin salbutamol yana da fesa 200. In ya ƙare cikin kwana 42, yaron yana shaƙar kusan fesa biyar kullum ke nan, a shekara gwangwani takwas ko tara. Yaron da asmarsa ta kwanta bai kamata ya nemi shuɗiya fiye da sau biyu a sati ba. Sau biyu, fesa bibbiyu, fesa huɗu ke nan a sati, gwangwani ɗaya ya kai shi kusan shekara. An tabbatar cewa wanda yake cinye uku ko fiye a shekara ya fi shiga haɗarin mummunan tashin ciwo da zai kai shi gadon asibiti. To kin ga inda Sadiq yake.

Abu biyu ne ke faruwa a hanyoyin iskar mai asma. Akwai tsoka da ta naɗe kowace hanya, ita ce take matsewa farat ɗaya in ƙura ko sanyi ko hayaƙi ya taɓa ta. Akwai kuma fatar cikin hanyar, wadda take a kumbure tana fitar da majina ko a ranar da yaro yake wasansa lafiya. Shuɗiya tsokar nan kawai take saki. Cikin minti biyar an ji sauƙi, bayan awa huɗu zuwa shida aikinta ya wuce, kumburin kuwa yana nan bai motsa ba. Ruwan ƙasar ita ce ta kumburi. Ba ta taɓa tsoka, shi ya sa kika ba shi lokacin tashin ciwo kika ga ba ta yi komai ba. Ba aikinta ba ne. Tana son a shaƙe ta safe da dare kullum, lafiya ko ba lafiya. A sati na farko zuwa na biyu ake fara ganin canji, yawanci tarin dare ne yake fara raguwa, cikakken amfaninta kuma yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu ko fiye.

Maman Sadiq: Ikon Allah. Ni na ɗauka in shuɗiyar ta gaza ne ake ɗauko ta. A kwalin an rubuta 50, likitan ya ce fesa biyu safe, biyu dare.

Dakta Habu: Maikurogiram 200 ke nan a yini, ƙaramin awo ne ga ɗan shekarunsa, kuma daidai ne a fara da shi. Amma kafin mu ci gaba, ki bayyana mana yadda yake shaƙar. Wa ke latsawa, kuma me kike gani?

Maman Sadiq: Shi yake sa ta a baki, ni in latsa sau biyu a jere, sai ya ja da ƙarfi. Wani lokaci ina ganin hayaƙin yana fita ta gefen bakinsa. Yana kuma cewa yana jin ɗaci a harshe.

Sista Rabi: To Anti, ga rabin matsalar nan kin faɗa da bakinki. Hayaƙin da kike gani magani ne ya tafi iska. Ɗacin harshe magani ne ya tsaya a baki. Feshin yana fitowa daga gwangwani da gudu, maƙogwaro kuma kwana gare shi, sai yawancin maganin ya bugi bayan baki ya manne, a haɗiye shi. Ko babba wanda ya iya sosai, abin da yake kaiwa huhu bai fi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Ina ga yaro wanda wani ne ke latsa masa, shi kuma yana ja bayan feshin ya riga ya wuce.

Ɗan shekara 7 sifesa yake buƙata. Wata gora ce ta roba, inhela tana shiga ta baya, yaro yana kama bakin gaba. Maganin yana shiga ciki ya rage gudu ya tsaya yana shawagi na ɗan lokaci, manyan ɗigon su manne a jikin gorar maimakon maƙogwaro, ƙananan da suke iya isa can ƙasan huhu su ne yake ja. Kuma ba sai hannunki da numfashinsa sun zo daidai a sakan ɗaya ba.

Yadda ake yi: ya zauna a miƙe ko ya tsaya, ba a kwance ba. Ki cire murfi ki leƙa ciki, don ana samun ƙasa ko tsakuwa ko ɓawon gyaɗa in ta kwana a jaka ba murfi. Ki girgiza ta sosai kamar sau biyar, ki sa ta a bayan sifesa gwangwani yana sama. Ya fitar da numfashi a hankali can gefe, sannan ya sa bakin sifesa tsakanin haƙora, leɓe ya rufe ruf, harshe a ƙasa kada ya toshe ramin. Ki latsa sau ɗaya. Nan take ya fara ja a hankali har ƙirji ya cika, ya riƙe numfashi ki ƙirga masa goma, ko iya abin da zai iya. In riƙewar ta gagare shi, ko yana cikin haki, ya bar bakinsa a jiki ya yi numfashi na yau da kullum sau biyar. Sai ki jira kamar rabin minti, ki sake girgizawa, ki yi fesa ta biyu daga farko.

Baban Khairat: Sista, me zai hana a latsa biyun a ciki gaba ɗaya ya ja sau ɗaya? Ai gorar a rufe take, ina maganin zai je?

Sista Rabi: Jikin gorar zai je, Malam. Fesa ta biyu tana tunkuɗa ta farko ta manna ta a bango, ɗigon kuma su haɗe su yi nauyi su faɗi. Sannan shi gwangwanin yana da ɗan ma'auni a ciki da yake buƙatar ya sake cika, in an latsa a jere ba a girgiza ba ta biyun ba lalle ta fito da cikakken awo ba. Haka in aka fesa aka tsaya lallashin yaro, kowane sakan maganin zama yake yi a ƙasan gorar. A fara sa baki, sannan a latsa.

Wani abu kuma, wasu sifesa suna da usur. Iyaye suna jin ƙarar su yi murna wai magani na shiga. A yawancinsu ƙarar gargaɗi ce cewa yana ja da sauri, ya sassauta. Abin da za ki duba shi ne ɗan bawul ɗin da ke kusa da baki, yana motsi da kowane numfashi. In bai motsa ba, ko leɓe bai rufe ba, ko yaron ta hanci yake numfashi.

Baban Khairat: To ni abin da aka koya wa matata saɓanin wannan ne. An ce ta ja da ƙarfi da sauri, kuma kada ta girgiza. Wa ke da gaskiya ke nan?

Malam Isa Famasi: Wace iri ce tata, Malam? Tana fesawa in an latsa, ko murɗa gindinta ake yi a ji ƙas?

Baban Khairat: Murɗawa ake yi. Fara ce mai jan gindi.

Malam Isa Famasi: To kowa da gaskiyarsa, na'urar ce ba ɗaya ba. Tata ta gari ce. Babu iskar da ke tura maganin, ƙarfin jan numfashinta ne yake farfasa garin ya ɗauke shi, don haka dole ta ja da ƙarfi da zurfi tun daga farkon numfashi. Ta riƙe ta a tsaye lokacin murɗawa, ta murɗa har ƙarshe ta dawo da ita ta ji ƙas ɗin. Kada ta hura numfashi a ciki, danshin baki yana dunƙule garin, haka ma ajiye ta a banɗaki ko barinta ba murfi da damina. Ba a sa mata sifesa. Sau da yawa mutum ba ya jin ɗanɗanon komai, sai ya zaci babu abin da ya fito ya ƙara, alhali ya shiga.

Ta Sadiq kuwa ta feshi ce, ita a hankali ake ja, kamar sakan huɗu zuwa biyar. Mutum ɗaya zai iya riƙe iri biyun, ya riƙa yi wa kowace salon ɗayar, duka biyun su tashi a banza.

Hajiya Kulu: Ni dai tsorona ɗaya. Mun ji ana cewa in yaro ya saba da abin shaƙar nan shi ke nan ba ya rabuwa da shi har tsufa. Kuma wannan ta kullum ɗin ba irin maganin nan ba ne da 'yan mata suke sha don ƙiba, fuska ta kumbura? Yaro ƙarami a ɗora masa wannan safe da dare?

Dakta Habu: Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma da yawa suna da ita ba sa faɗa. Gaskiya ne dangi ɗaya ne, sitiroyid. Bambancin a yawa ne da inda yake zuwa. Ƙwayar firednisolon guda miligiram 5 ce, wato maikurogiram 5,000, kuma jiki duka take zagawa. Yaro irin Sadiq in ciwon ya tashi da ƙarfi akan ba shi ƙwaya shida ko fiye a yini har kwana uku zuwa biyar. Inhelarsa 200 ce a yini, kuma an nufe ta da huhu. Yaron da aka hana wa ta kullum, ya riƙa faɗawa asibiti sau uku sau huɗu a shekara ana ba shi ƙwayoyi, shi ne yake shan sitiroyid mai yawa.

Ba zan ce ba ta da illa ko kaɗan ba. Tana iya sa farin ƙuraje a baki da dishewar murya, maganin wannan shi ne sifesa da kurkure baki a tofar bayan kowace shaƙa. Akwai kuma ɗan ragin tsawo, kamar santimita ɗaya, da aka gani a wasu yara. Asmar da ba ta kwanta ba ita ma tana hana girma, ga rashin barci da fashin makaranta.

Batun sabo kuma, babu abin da ke sa maye ko jaraba a ciki. Abin da mutane suke gani shi ne mai shuɗiya kaɗai yana ƙara yawan shaƙa wata bayan wata, sai su ce ya kamu. Kumburin ne yake ƙaruwa a ƙasa ba a taɓa shi ba, kuma yawan shaƙar salbutamol kullum yana rage yadda hanyoyin iska suke amsa masa. Ita ta kullum, in ciwo ya kwanta wata uku cur, likita yana iya rage awo mataki-mataki. Uwa dai kada ta tsayar da kanta don ta ga sauƙi, bayan 'yan makonni kumburin yake dawowa.

Hajiya Kulu: To Allah ya sa mu dace. Ni dai da nawa ne sai na ga an rage ɗin da idona kafin hankalina ya kwanta.

Maman Sadiq: Na zaga kemis uku a unguwarmu babu sifesa, ɗaya ma bai san ta ba. Kafin in samu shiga gari fa?

Sista Rabi: Robar ruwa ko ta lemo mai cin rabin lita, mililita 500. Wannan ba dabarar gida ba ce kawai, an gwada ta a kan yara a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town, Farfesa Heather Zar da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a 1999, kuma robar ta yi aiki daidai da sifesar kanti. Kofin soso da suka gwada tare da ita shi ne ya fi rauni, don haka a bar shi.

Ki wanke robar ki cire takardar jikinta. Ki ɗora bakin inhela a gindin robar ki zana siffarsa da biro. Ki yanke da wuƙa mai kaifi, ko ki lanƙwasa waya daidai siffar ki zafafa ta ki huda, sannan ki tura bakin inhelar tun robar tana da ɗumi don ta kama shi tsam. Ramin ya zama ɗan ƙarami ya fi ya yi faɗi, in akwai giɓi ki naɗe da salatif. Yaro ya kama bakin robar inda ake shan ruwa. Tunda ba ta da bawul, ya fitar da numfashinsa a waje tukuna, ya kama, ki latsa, ya ja a hankali.

Malam Isa Famasi: In ƙara a kan na Sista. Sabuwar roba tana da wani maganaɗisu a jikinta, irin wanda ke sa biro ya ɗauki guntun takarda in an goga shi a gashi. Shi yake jan maganin ya manne a bango. Ana kashe shi da wanki: ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, a jiƙa, a fitar, a bar ta ta bushe da kanta a iska. Kada a goge cikin da tsumma, gugar ce take dawo da shi. Bakin da yaro zai kama kawai za a goge. Sifesar kanti ma haka, kamar sau ɗaya a wata, a canza ta bayan wata shida zuwa shekara ko in bawul ya taurare ko ta tsage.

Ɗanladi Kemis: Malam Isa, a bar sabulu a ciki ba a ɗauraye ba? Takardar wata da na taɓa sayarwa cewa ta yi a ɗauraye da ruwa mai tsabta.

Malam Isa Famasi: Akwai masu cewa haka, musamman waɗanda aka ƙera da robar da ba ta tara maganaɗisun, su ɗauraya ba ta rage musu komai. A robar ruwa da sifesa ta gama-gari, ɗan santsin sabulun da ya bushe a bango shi ne yake aikin. In da takarda a kwali a bi ta, in babu ni ina kan kada a ɗauraye.

Sista Rabi: Ni kuma ina ɗaurayewa sama-sama, iyaye da yawa ba sa yarda su ba yaro abin da ke ƙamshin sabulu, gara su yi amfani da ita a hakan da su jefar. Inda ba mu saɓa ba shi ne tsumma.

Maman Ilham: Tawa 'yar shekara biyu ce, ba ta iya kama baki. Sai na danne ta tana ihu nake fesa mata, na ce ai in tana kuka ta fi jan iska.

Sista Rabi: A'a Anti, kuka fitar da iska ne mai tsawo, sai ɗan ja gajere mai sauri, kusan duk maganin a maƙogwaro yake tsayawa. Ƙasa da shekara huɗu sifesa mai takunkumin roba ake sa wa, wanda yake rufe hanci da baki tare. Ki ɗora ta a cinya bayanta a ƙirjinki, takunkumin ya zauna a fuska ba giɓi, don ɗan giɓi kaɗan ya isa ya zubar da yawancin maganin. Fesa ɗaya, numfashi biyar zuwa goma kina kallon bawul. Ki bar mata sifesar ta yi wasa da ita lokacin da take lafiya, ta sa wa 'yar tsanarta, ta saba. In ta kullum ce kika ba ta, ki goge mata fuska da ruwa bayan an gama, ki ba ta ruwa ta sha ko ki wanke mata baki.

Ɗanladi Kemis: Ga wanda yake son sanin ko gwangwani ya ƙare, a cire shi a jefa a kofin ruwa. In ya nutse da saura, in ya taso ya ƙare.

Malam Isa Famasi: Wannan an daina shi, Ɗanladi. Ba ya faɗin gaskiya, kuma ruwa yana shiga bakin bawul ɗin ya toshe shi. Girgizawa a kunne ma yaudara ce, domin bayan fesa 200 akwai sauran iskar turawa, za ka ji motsi, za ka ga feshi, magani kuwa kaɗan ne ko babu. In ba mai lamba a jiki ba ce, lissafi ne mafita. Ta Sadiq ruwan ƙasa, in mai fesa 200 ce, huɗu a yini, kwana 50 ke nan. Hajiya ki rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa a jikin kwalin. Shuɗiya ba ta lissaftuwa haka, sai dai a riƙa yin ɗan layi a takarda, a kuma ajiye sabuwa guda a gida.

Sabuwa, ko wadda ta daɗe ba a taɓa ba, a girgiza a fesa a iska sau biyu ko yadda takardarta ta ce kafin a ba yaro. Ramin da feshin salbutamol yake fita yana toshewa da farin gari, sai a ga feshin ya yi rauni a zaci ta ƙare. A cire gwangwanin, a wanke gidan robar da ruwan ɗumi sau ɗaya a sati, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Gwangwanin kansa ba ya shiga ruwa. Kuma kada a bar ta a mota ko a taga da zafin bazara, ƙasa da digiri 30 ake so, wanda ya ƙare kuma kada a jefa shi a wutar shara, fashewa yake yi.

Launi ma kada a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Magungunanmu daga ƙasashe daban-daban suke shigowa, ana samun ta rigakafi ja ko ruwan goro. A karanta sunan maganin.

Baban Khairat: To ita matata an ce in ƙirjin ya matse ta shaƙi jan gindin nan dai, ba a ba ta shuɗiya ba sam. Ke nan an yi mata kuskure?

Dakta Habu: Ba kuskure ba ne in budesonid da fomoterol ne a ciki, ka duba kwalin. Fomoterol yana buɗe ƙirji cikin minti ɗaya zuwa uku kamar salbutamol, budesonid kuma na kumburi ne, saboda haka duk lokacin da ta shaƙa don sauƙi ta samu rigakafi a tare. Tun 2019 ƙa'idar GINA, wadda likitocin asma a duniya suke bi, ta daina ba da shawarar a bar babba ko matashi a kan shuɗiya kaɗai, kuma wannan haɗin ne ta fifita. Yana da iyaka a yini, ga mai awo 160/4.5 shaƙa 12 ce gaba ɗaya ga babba, kuma wadda ta kai kusa da haka asibiti za ta nufa a ranar.

Inda ake faɗawa rami shi ne a ɗauka kowace mai haɗi biyu haka take. Mai ruwan shunayya, Seretaid, salmeterol ne a cikinta, shi kuma a hankali yake fara aiki. Ta kullum ce zalla, mai ita dole ya riƙe shuɗiya a aljihu. Matsalar jan gindin a wurinmu tsada ce da wuyar samu, shi ya sa shuɗiya da ruwan ƙasa suke nan daram, kuma suna aiki in an yi su daidai.

Maman Sadiq: Dakta, in ya taso masa cikin dare kafin ta kullum ɗin ta kama, nawa zan ba shi? Ina tsoron wuce biyu.

Dakta Habu: Ki nemi likitansa ya rubuta miki wannan a takarda, don shi ya san yaron. Abin da aka saba ga ɗan shekara 6 zuwa sama shi ne: ki zaunar da shi, shuɗiya ta sifesa, fesa ɗaya-ɗaya kowace da numfashinta biyar. Ki fara da huɗu. In bai saki ba ki ci gaba har goma. Ana iya maimaitawa bayan minti 20, har sau uku cikin awa guda, amma in kin kai ga zagaye na biyu to a kan hanyar asibiti za ki yi shi, ba a ɗaki ba. Rawar hannu da bugun zuciya za su zo, suna wucewa. Ga 'yan ƙasa da shekara 6 irin Ilham, biyu zuwa shida ne. A tashin ciwo mai sauƙi ko matsakaici, wannan yana aiki daidai da injin turara magani na asibiti.

Alamun da ba a jira: ya kasa gama magana sai kalma-kalma, ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, leɓe ko harshe ya canza launi ya yi duhu, ya yi laushi yana gyangyaɗi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana fama. Wannan na ƙarshe yana ruɗin iyaye su ce ya samu sauƙi, alhali iskar ce ta daina wucewa. Haka in sauƙin shuɗiya bai kai awa huɗu ba ya sake nema, a kai shi a ranar. Ruwan ƙasar kuma ba a dakatar da ita don ciwo ya tashi.

Hajiya Kulu: Turaren wuta fa? Don na san gidan da ba a rabuwa da kasko.

Sista Rabi: Shi da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin itace duk suna tayar da shi. A turara ɗaki yana waje, a buɗe taga kafin ya shigo, a koma gidan sauro. Da safen hunturu a rufe masa hanci da baki a hanyar makaranta.

Baban Khairat: Saura azumi. Matata ta shaƙa da rana ko ta bari?

Dakta Habu: Ta safe da dare ba ta da matsala, sahur da bayan buɗa-baki sun ɗauke ta. In ƙirji ya matse da rana, ta fuskar lafiya ba a jinkirta shaƙa zuwa magariba. Ko azumin ya karye ko bai karye ba, malamai sun yi saɓani a kai, wannan a tambayi malamin da aka yarda da shi tun kafin watan ya kama.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na huda robar, na duba ruwan ƙasar ba ta lalace ba, da saura wata takwas. In fara yau ko in jira ranar asibiti?

Dakta Habu: Tunda an riga an rubuta masa, ki fara yau da dare yadda aka rubuta, ki fesa biyu a iska tukuna saboda ta daɗe a ajiye. Ki ajiye ta inda buroshinsa yake, ya shaƙa sannan ya wanke baki. Ki samu takarda ki riƙa rubuta dare nawa ya tashi da fesa nawa na shuɗiya ya sha kowace rana. Ki kai shi asibiti cikin sati biyu, kada ki jira wata, ki tafi da inhela biyun da robar da takardar, ya shaƙa a gaban likita ko nas su gani. In bayan wata ɗaya zuwa biyu yana yi daidai kullum kuma har yanzu yana tashi da dare, sai a duba ƙarin awo ko a sake bincika ko asmar ce kaɗai.

Ɗanladi Kemis: Malam Isa, in mutum zai saro sifesa ya ajiye a shago, wacce ta fi tafiya, mai takunkumi ko mai baki?

Malam Isa Famasi: Ka ɗauko wadda takunkuminta yake cirewa, ta yi wa ƙarami ta yi wa babba. Ka dai gwada bakin inhelar da kake sayarwa a bayanta kafin ka biya, wasu ramin nasu ƙirar kamfani ɗaya kawai yake karɓa.